Duhu Iri Biyu

Na-Sani ya cuci marayun ƙaninsa, kuma da rana tsaka ya yi, a gaban shaidu, yana ambaton Allah. Ba gona ya ƙwace ba, ba gida ba. Talabijin ya ƙwace. Wanda zai ce abin bai kai a yi magana ba, bai san daga inda tukunyar gidan nan take samun wuta ba.

Sunan Na-Sani ba na yanka ba ne, bakinsa ya jawo masa. Ba a taɓa fara gaya masa magana an kai ƙarshe ba. Ko labarin mafarkin da ka yi jiya ka ɗauko, kafin ka kai tsakiya zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani."

Shi da ƙaninsa gidan kallon ƙwallo suke da shi, ɗakuna biyu a jere, bango ɗaya tsakani. Kowa da ƙofarsa, da bencinansa, da fankarsa, da babban talabijin a bango. Rana ɗaya suka sayi talabijin ɗin guda biyu, iri ɗaya, girma ɗaya. Da ƙanin ya rasu, ɗakinsa ya koma hannun matarsa, Maman 'Yan Biyu. Ita ke zama a bakin ƙofa tana karɓar kuɗin shiga, da shi take ciyar da 'yan biyunta da ƙanwarsu, da shi take biyan makaranta.

A lokacin duka talabijin biyun sun fara nuna tsufa. Na ɗakin Na-Sani ya yi wani duhu a ɓangaren hagu, kamar an shafa masa hayaƙin fitila, kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskar. Na ɗakin marigayi kuwa tas yake, in ban da wani layi kore, siriri kamar zare, da ya miƙe daga sama har ƙasa. Sai ka ƙura ido za ka gan shi.

Na-Sani ya dubi nasa, ya leƙa na marayu, sai ga shi ya tuna da wani tarihi. Ya aika aka kira Kawu, ƙanin mahaifinsu, wanda shi ya rage babba a dangi.

"Kawu, abin nan ya daɗe yana cin raina," in ji shi. "Shekarar da aka yi fenti, ma'aikata suka sauke talabijin ɗin nan biyu, suka maida su a juye. Wannan mai kyan nawa ne. Marigayi ya sani. Kunya ce ta hana ni magana."

"Ikon Allah," in ji Maman 'Yan Biyu. "Shekara uku kunyar nan tana riƙe da kai, Yaya, sai da naka ya yi duhu ta sake ka?"

"Kin ji ko, Kawu? Haka take min. Ni da nake tsaye a kan yaran nan kamar uba."

Tsayuwar tasa a kan yaran, in za a faɗi gaskiya, ba ta taɓa wuce shafa musu kai ba in akwai mutane a wurin.

Kawu ya tambaya ko akwai takardar saye. Babu. Ko akwai wanda ya ga juyin. Akwai mutum ɗaya, in ji Na-Sani, kuma yana kabari. Kawu tsoho ne mai gudun hayaniya. Ya dubi matar ya ce ta yi haƙuri, zumunci ya fi talabijin. Kullum mai ƙaramin ƙarfi ake tuna wa da zumunci.

Ta ce, "To, ya ɗauka."

Na-Sani bai tsaya nan ba. Ya tsaga takarda daga littafin ɗaya daga cikin 'yan biyun, ya sa Kawu ya rubuta cewa an yi musaya, kowa ya riƙe nasa, lafiya ko lalacewa, ba dawowa. "Na san halin mata," in ji shi. "Gobe za ta ce ta fasa." Ya sa hannu da wani dogon zane mai wutsiya, ita ma ta sa, Kawu ya ninke takardar ya jefa aljihu.

Asabar ta farko ta nuna mata abin da aka yi mata. Ragar hagu tana cikin duhun. In ƙwallo ta nufi can, sai masu kallo su miƙe tsaye suna leƙe, kamar tsayuwar za ta kunna fitila.

"Maman 'Yan Biyu, an ci ko ba a ci ba?"

"Ku saurari mai sharhi mana."

"To rediyo muka biya ke nan? Ai sai ki rage mana kuɗin rabin fili."

Ihun ɗakin Na-Sani ne yake gaya musu an ci. Kafin a tafi hutun rabin lokaci benci biyu sun koma can. Asabar ta biyu mutum bakwai ta samu, uku daga ciki barci suka zo yi a ƙarƙashin fanka. Ga wasan ƙarshe na gasa saura mako uku, ranar da gidan kallo ke samun abin da yake samu a wata guda. Na-Sani ya leƙo yana kaɗa makullai.

"In ya gagare ki, ki sayar min da bencinan. Don yaran nan zan saya, ba don ina buƙata ba."

Ranar Litinin ta naɗe talabijin ɗin da bargo, ta sa a mota ta kai shagon mai gyara, ba don gyara ba, don ta sayar da shi a matsayin gawa. Shagon lungu ne mai tsawo. Talabijin jingine a bango kamar masu jiran likita, tebur ɗaya shimfiɗe da tsohon bargo, kwalaben sukurori, da warin dalma. Mai shagon dattijo ne, ana ce masa Tabarau saboda guda biyu yake sawa, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, kuma kullum yana neman ɗayan.

"Baba, nawa za ka saya? An ce gilashin ya mutu."

"Wa ya ce?"

"Yayan mijina."

"Gyara yake yi?"

"A'a. Sani yake yi."

Tabarau ya jona talabijin ɗin, hoto ya fito da duhunsa. Ya tura ƙofa ya rage haske, ya ɗauko tocila ya manna ta a tsakiyar duhun, a ɗan karkace.

"Matso, 'yata. Me kika gani?"

Ta sunkuya. A ƙarƙashin hasken tocilar, can ciki, ga mutum yana motsi, ga rubutu yana wucewa, dishi-dishi amma cikakke.

"Hoton yana nan!"

"Bai taɓa zuwa ko'ina ba. Gilashin nan ba ya haske da kansa. Hoto kawai yake zanawa. A bayansa akwai jerin ƙananan fitilu a kan sanduna, su ke haska shi. Naki wasu sun ƙone, shi ya sa wurin ya yi duhu, kuma kin ga duhun ba shi da baki, a hankali yake shiga haske. Wanda ya riƙe shi ya ƙure masa haske har ƙarshe, safe da yamma, ko?"

"Yaya ya ce haka turawa suke yi."

"To turawan sun ƙona masa fitila. Zan canja sandunan duka, don sauran ma sa'o'in juna ne, in na bar su wata biyu za ki dawo kina zagina. Aikin na lallaɓawa ne, sai na ɗaga gilashin kamar ƙwai kafin in kai gare su. Amma kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabo ba. Wannan gyara ne da ya cancanta."

Ta zauna a kan wata tsohuwar sifika. Ta ba shi labarin musayar. Tabarau ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na hanci.

"Layin nan na wancan, kwance yake ko tsaye?"

"Tsaye. Siriri, kore."

"Yana rawa, ko yana zuwa yana tafiya?"

"Yana nan wuri ɗaya."

"In an cire dikoda, aka buɗe saitin talabijin ɗin kansa da rimot, layin yana bi ta kan rubutun?"

"Har ta kan lambar ƙara yake bi."

"To ba dikoda ba ne, ba wayar dikoda ba ce, a jikinsa yake." Ya nuna mata wani da ke jingine. "Kin ga wannan? Da layuka kwance ya zo, suna tsalle, hoto yana ninkuwa. Na canja ɗan katin da ke raba wa gilashi hoto, suka ɓace. Mai shi ya yi sa'a. Wancan da faffaɗan sanda ya zo a tsaye, kamar an jingina masa katako. Waya ce mai faɗi da ke tsakanin katin da gilashi ta saki, na goge na maida, ko kuɗin kirki ban karɓa ba. Amma dubi na ƙuryar can. Shi ma kwance ne layukansa. Na goge waya, na sa wani kati, suna nan daram. Wannan a gilashi ciwon yake, na ce mai shi ya zo ya ɗauki kayansa. Ba a yanke hukunci sai an gwada. Sai dai siririn layi ɗaya, tsaye, wanda ba ya motsi, na daɗe ban ga wanda ya fito daga kati ba. A bakin gilashin akwai wasu siraran leda da aka manne da inji, su ke kai wa kowane layi saƙo. In mannin ya fara saki, ko abin da ke kai ya fara mutuwa, sai layi ya fito. Akwai masu injin mannawa a wasu wurare, da tsada, kuma ba sa rantsuwa a kan aikin. Sabon gilashi kuwa, gara mutum ya ƙara kaɗan ya sayi sabon talabijin."

"To me zai yi?"

"Ya kalle shi haka, ya gode Allah, kada ya taɓa shi. Zai iya kai shi wata shida, zai iya kai shi shekara. Yau ɗaya ne, wata rana zai haihu."

Bayan kwana huɗu talabijin ya dawo bango, fuskarsa tas daga kusurwa zuwa kusurwa, an rage masa haske zuwa inda Tabarau ya ce a bar shi. Ranar Asabar bencina suka cika, har masu barcin fanka suka rasa wurin miƙe ƙafa.

Matar nan tana da abin da surukinta ba shi da shi. Da aka tashi ta zagaya ta same shi, ta gaya masa duk abin da mai gyara ya ce game da layin.

"Na sani," in ji shi.

"Ya ce kada ka taɓa shi, Yaya."

"Na ce na sani. So kike in tsorata in maido miki. Layin da bai kai gashin gira ba? Ki je ki ji da fitilunki."

Cikin makon layin ya haihu. Aka samu kore, aka samu ja a gefensa, sai na uku ya fito kusa da tsakiya. Masu kallo suka sa musu suna. Koren shi ne mai tsaron baya, don ba ya barin wurinsa. In ɗan wasa ya wuce su sai a yi ihu, "Ya yi satar gida! Ga layi nan, alƙali, har uku!"

Na-Sani ya sake aikawa a kira Kawu. Wannan karon wani tarihin ya tuna. Da ya yi tunani sosai, in ji shi, masu fentin nan sau biyu suka juya talabijin ɗin, wato sun maida kowanne wurinsa, wato na wurin matar nan shi ne nasa na asali. Kuma ba ya son ya ci haƙƙin marayu ta hanyar riƙe musu nasu.

Kawu ya laluba aljihu ya fito da takardar, ya warware ta a hankali, ya miƙa masa.

"Wannan mai wutsiyar, hannun wa ne?"

"Kawu, ai takarda mutum ke rubuta ta."

"Mutum ne ya rubuta, ni ne. Ka tashe ni daga barcin rana ka sa na rubuta ba dawowa. To ba dawowa. Ka tuna min da zumunci in ji."

Da wannan ƙofa ta rufe, Na-Sani ya koma injiniya. Wata rana yana goge ƙura ya danna bakin talabijin ɗin ta ƙasa, daidai inda koren layin ya sauka, sai layin ya ɓace. Ya saki, ya dawo. Ya danna, ya ɓace. Abin da ya faru ba asiri ba ne, mannin da ya saki ne yatsansa ya haɗa na ɗan lokaci. Amma shi a ganinsa ya gano abin da ya gagari masu gyaran duniya. Ya samo abin maƙale shanya ya dantse wurin. Layi ɗaya ya tafi. Ya kira mutane su gani.

"Wancan tsohon mai tabarau biyu ya ce ba ya gyaruwa. Ga shi na gyara da abin shanya. Da na biye musu da yanzu an yanke ni."

Kwana biyu abin shanya ya yi aiki, a na uku ya gaji. Ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku, har ƙasan talabijin ya zama kamar igiyar wanki. Ana gobe wasan ƙarshe, da hantsi, layukan suka dawo su biyar, kuma abin shanya ya daina jin magana. Na-Sani ya yanke cewa ƙarfi ne ya yi kaɗan. Ya tafi wurin kafinta ya aro matsi na ƙarfe, irin mai sukurun da ake haɗa katako da shi. Kafintan ya tambaye shi me zai matse. Ya ce aikin lantarki ne, ba zai gane ba.

Ya ɗaura matsin a bakin talabijin, ya juya sau ɗaya, layi biyu suka tafi. Ya juya sau biyu, saura ɗaya. Mai hankali zai tsaya nan. Ya ƙara rabin juyi, sai aka ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an taka ƙwan fitila a cikin tsumma.

Daga inda matsin yake wani baƙi ya ɓullo, ya bazu sama kamar tawada a kan farar riga, da siraran layuka masu launi suna fita daga jikinsa ta kowane gefe. Kafin ya kwance matsin, baƙin ya kai faɗin faranti.

Wani zai yi kuka. Na-Sani murmushi ya yi. Duhu ne, kuma ya san maganin duhu. Ba ga matar ƙaninsa ba, da duhu ta je, da araha ta dawo? A ransa ma ciwon mai tsada ne ya juye ya zama mai araha. Ya naɗe talabijin ya nufi shagon Tabarau, ya shiga ko sallamar kirki babu.

"Malam, fitilu ne. Irin na matar ƙanina. Na san kuɗin, kada ka ƙara min ko kaɗan. Yau nake so, gobe akwai wasa."

"Sannu da zuwa. Kai ne mai sanin?"

"Ni ne yayan mijinta."

"Shi na ce."

Tabarau ya jona, ya dubi fuskar, bai ko nemi tabarau na biyu ba. Ya tura ƙofa, ya miƙa wa Na-Sani tocilar.

"Tunda ka san aikin, haska da kanka. Manna a kan baƙin. Me ka gani?"

Na-Sani ya manna. Ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu.

"Tocilar taka ba ta da ƙarfi."

"Jiya na sa mata batir. Akwai hoto a ciki?"

"Babu."

"To dubi gefen baƙin. Ka ga yana da baki, kamar an yanka da reza? Ka ga haske ras a kewaye da shi? Fitilunka lafiyarsu ƙalau, suna can baya suna aikinsu. Nata fitila ce ta mutu, hoto yana nan. Naka fitila tana nan, wurin hoton ne ya mutu. Gilashin ya tsage daga ciki, ruwan da ke zana hoto ya ɓaci a wurin. Sa yatsa a nan ƙasa, ga shaidar haƙorin abin da ya cije shi. Me ka sa masa?"

"Yara ne suka..."

"Yaran unguwarku da matsin kafinta suke wasa?"

Na-Sani ya kau da maganar, ya ce, "To a canja fitilun mu gani mana."

"In kana da kuɗin zubarwa, zan canja, baƙin ya ƙara fitowa da kyau. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ba zai tsaya nan ba, yaɗuwa zai yi. Sai sabon gilashi, kuɗinsa ya kusa na sabon talabijin, kuma ko ka biya yau ba zai iso gobe ba. Da ka bar shi da layinsa, da gobe ka cika ɗaki. An gaya maka kada ka taɓa?"

"An faɗa."

"Ka ce me?"

Na-Sani ya ajiye tocilar a kan tebur. Tabarau ya ce zai iya sayen gawar saboda katunan ciki, ya faɗi abin da zai bayar. Na-Sani ya ce zagi ne. Ya zagaya shaguna uku da talabijin a kafaɗar ɗan dako, duk inda ya je magana ɗaya ake gaya masa, biyu ma ba su ɓata batirin tocila ba. Kafin la'asar ya dawo ya karɓi zagin, ya biya ɗan dako daga ciki.

Da yamma ya aika wa Maman 'Yan Biyu cewa, saboda zumunci, a ɗauko talabijin ɗinta a kafa a ɗakinsa tunda ya fi faɗi, a raba abin da aka samu. Ta aiko masa da amsa cewa ta gode, ɗakinta ya ishe ta, amma in bencinansa ba su da aiki gobe za ta saya, don shi za ta saya, ba don tana buƙata ba.

Ranar wasan ƙarshe ɗakinta ya cika har bakin ƙofa, mutane a zaune a kan bencinan da jiya nasa ne. Katunan talabijin ɗinsa ma ita ta saya a wurin Tabarau ta ajiye, tunda iri ɗaya ne, saboda wata rana.

Na-Sani bai sake buɗe ɗakinsa ba. Mai gidan da yake haya a wurinsa ya ba wani tela ɗakin. Yanzu in ana wasa yana zuwa ya biya kuɗin shiga a hannun matar ƙaninsa kamar kowa, ya zauna a bencin ƙarshe, bayan ginshiƙi, inda ba a ganin ragar hagu.